Tifa ta karya masa ƙafa, kotu ta ci direba tara: wa zai biya shi?

Garba Mai Taya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga wata magana da ake ta ja-in-ja a kanta a tasharmu, ina so masu ilimin shari'a su warware mana. Tifar yashi ta wani kamfani ta shigo hannun da ba nata ba, ta banke wani mai A Daidaita Sahu. Ƙafarsa ta dama ta karye a cinya, an sa masa ƙarfe, kekensa kuma gaban ya lotse. 'Yan sanda sun kai direban gaban majistare, ya amsa laifin tuƙin ganganci, aka ci shi tara, ya biya ya tafi. Shi wanda aka karya ko sisi bai gani ba. Wasu na cewa tunda an yanke hukunci magana ta mutu, ba a shari'a biyu a kan abu ɗaya. Wasu na cewa yana da damar kai ƙara. Wanne ne daidai?

Barista Hauwa:
Wa alaikumus salam, Malam Garba. Yana da dama, kuma tarar da aka ci direban ba ta taɓa wannan damar ba ko kaɗan. Karon nan guda ɗaya haƙƙi biyu ya taka. Na farko haƙƙin jama'a ne: doka ta hana tuƙin da zai jefa mutane cikin hatsari, duk wanda ya yi, gwamnati ce ke binsa, ko da bai buge kowa ba. Wannan shi ne laifi. Na biyu haƙƙin shi mai keken ne a karan kansa, wato ƙafarsa, kekensa, da abin da yake samu kullum. Wanda ya ɓata wa wani irin wannan ta hanyar sakaci ko ganganci dole ya biya, kuma shi ne abin da mu lauyoyi muke kira tot, wato ta'adi a kan haƙƙin wani.

A shari'ar da aka yi gaban majistare, ku duba bangon takardar, za ku ga sunan Kwamishinan 'Yan Sanda ko na Jiha a matsayin mai ƙara. Mai keken shaida ne kawai. Shi ya sa tarar ta shiga asusun gwamnati. Shari'ar da za ta sa kuɗi a hannunsa ita ce wadda zai shigar da sunansa, yana neman diyya.

Sagir K.:
To amma Barista, ina sashe na 36 na tsarin mulki? Na san an ce ba a gurfanar da mutum sau biyu a kan abu ɗaya.

Barista Hauwa:
Sashen yana nan, Sagir, ƙaramin sashe na 9 ne a ƙarƙashin 36 na tsarin mulkin 1999. Abin da ya ce shi ne wanda kotu ta yi wa shari'a a kan laifi, ta kama shi ko ta wanke shi, ba za a sake yi masa shari'a a kan wannan laifin ba. Kalmar laifi ita ce mabuɗin. 'Yan sanda ba za su sake kai direban kotu a kan tuƙin gangancin nan ba. Ƙarar diyya kuwa ba tuhumar laifi ba ce, ba a neman a ɗaure shi ko a ci shi tara, ana neman ya mayar da abin da ya ɓata. Sashen bai rufe wannan ƙofar ba.

Malam Nasiru Ɗandume:
Wannan rabon ai ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamanmu sun daɗe da raba haƙƙin Allah da haƙƙin bawa. Ku ɗauki kisan kuskure: aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu, kaffara tsakanin mutum da Ubangijinsa, da diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai dai idan su suka yafe. Iyalai na iya yafe diyya domin tasu ce, amma ba su da ikon yafe kaffara. A mazhabar Malikiyya ma, wanda ya yi kisan ganganci aka yafe masa ƙisasi, ba sakinsa ake yi ya tafi gida ba, akwai bulala 100 da ɗaurin shekara guda, domin jama'a ma an taɓa su. Haka ɓarawo: zartar masa da haddi bai halatta masa kayan ba, in suna nan sai ya mayar. To ku ga dai aiki ɗaya ne, amma masu binsa biyu.

Barista Hauwa:
Allah ya gafarta Malam, haka yake. Bambancin da zan ƙara shi ne, a kotun shari'ar Musulunci alƙali ɗaya na iya yanke duka biyun a zama ɗaya, kuma adadin diyyar rai da ta gaɓoɓi a ƙayyade yake. A kotunan da ke bin tsarin da muka gada daga Ingila, hanyoyin biyu a rabe suke, kuma diyyar ba ta da ƙayyadadden adadi, alƙali ne ke auna ta da abin da aka tabbatar masa.

Alhaji Bello, tsohon rajistara:
Bari in shiga a nan, domin akwai abin da aka bari ya wuce tun gaban majistare. Kotun laifi ma tana da ikon ba da umarnin biyan diyya. Sashe na 78 na Final Kod, wato dokar laifuka ta Arewa, ya ba da wannan ikon tun 1960, ko a haɗa da hukunci ko a madadinsa. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015 ta maimaita shi a sashe na 319, jihohi kuma sun yi tasu irinta, Kano ta yi a 2019. Matsalar ita ce alƙali ba ya ƙirƙiro adadi da kansa. Ranar da direba ya amsa laifi, mai gabatar da ƙara ya kamata ya miƙe ya ce ga rasiɗan asibiti, ga takardar likita, muna roƙon a sa ya biya. Sau da yawa wanda aka ji wa ciwo yana kwance a gadon asibiti a ranar, ba wanda ya kai wa ɗan sanda mai gabatar da ƙara takarda ko ɗaya, sai a karanta tuhuma, a amsa, a yanke tara cikin minti goma. Da dangi sun sani, da sun tura mutum ɗaya da fayil.

Amma ko an yi hakan, kada a ɗauka ya wadatar. A kotun laifi direba ne kaɗai ke tsaye a akwati. Direban tifa nawa ne albashinsa? In an ce ya biya miliyan biyu, daga ina?

Barista Hauwa:
Ranka ya daɗe, ka taɓo ainihin inda shari'un biyu suka rabu a aikace. A shari'ar laifi, a ƙa'ida kowa laifinsa yake ɗauka. Manajan kamfanin da ke zaune a ofis ba za a ɗaure shi don direbansa ya shiga hannun da ba nasa ba, sai in shi ma yana da nasa laifin, kamar ya saki mota ba birki yana sane. A shari'ar diyya kuwa, ubangida yana ɗaukar ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki, ko da shi ubangidan bai yi kuskuren komai ba. Saboda haka mai keken zai kai ƙarar mutum biyu, direba da kamfani. Kamfanin ne ke da mota, da asusun banki, da inshora.

Abin da za a tabbatar a kan kamfanin abu biyu ne: direban ma'aikacinsu ne, kuma yana kan aikinsu lokacin da abin ya faru. In tifar na ɗauke da yashi zuwa wurin ginin da aka tura shi, magana ta yi sauƙi. In kuwa ya sace jiki da dare ya tafi da motar ƙauyensu biki, kamfani zai ce ya fita daga aikinsu, kuma kotu na iya yarda. Shi ya sa lambar mota, lokacin da aka yi karon, da abin da ke cikin bodin duk suna da amfani. A tabbatar kuma an rubuta sunan kamfanin daidai yadda yake a rajista, ba sunan da aka yi wa fenti a ƙofar mota ba. Ƙararraki da dama sun faɗi a kan wannan kaɗai, aka kai ƙarar sunan da doka ba ta san da shi ba.

Garba Mai Taya:
Barista, to amsa laifin da direban ya yi, zai yi masa amfani a ƙarar diyyar? Ko sai an sake daga farko?

Barista Hauwa:
Zai yi amfani sosai. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 63, ta yarda a gabatar da hukuncin kama mutum da laifi a shari'ar diyya, kuma za a ɗauka ya aikata laifin har sai shi ya tabbatar da akasin haka. Sharaɗi shi ne ba a soke hukuncin ba, kuma babu ɗaukaka ƙarar da ke gudana a kansa. A je rajistar kotun majistaren a nemi kwafin shari'ar mai hatimi da sa hannu, ba hoton waya ba, ba kuma kwafin shago ba. Wanda ba shi da hatimin kotu lauyan kamfani zai ƙi shi, alƙali kuma zai goyi bayansa.

Amma hukuncin abu ɗaya kawai yake nunawa, cewa direban ya yi ganganci. Bai nuna nawa aka kashe a asibiti ba, bai nuna wata nawa aka yi a kwance ba. Wannan sai mai keken ya kawo da kansa.

Sagir K.:
Ni abin da na fahimta shi ne shari'ar diyya ta fi sauƙin ci. A laifi sai an tabbatar ba tare da wani kokwanto ba, a diyya kuwa rinjaye kawai ake nema, ko da kashi 51 ne cikin 100. Shi ya sa O. J. Simpson a Amurka aka wanke shi daga kisa a 1995, amma a 1997 aka ce ya biya iyalan mamatan dala miliyan 33.5. Ke nan ko da majistare ya wanke direban, mai keke zai iya ci.

Barista Usman:
Sagir, rabin maganarka daidai ne, kuma misalin da ka kawo gaskiya ne. Wanke mutum a kotun laifi yana nufin masu ƙara ba su kai ma'aunin da ake nema ba, ba ya nufin abin bai faru ba. Amma gyara biyu. Na ɗaya, ba kowane irin kokwanto ake nufi ba, kokwanto mai ma'ana ake nufi, wanda mai hankali zai tsaya a kansa. Na biyu, kuma shi ne mai muhimmanci, dokarmu tana da tarkon da kake tsallakewa. Sashe na 134 na Dokar Shaida ya ce a shari'ar da ba ta laifi ba rinjaye ake bi. Sai sashe na 135 ya zo ya ce idan aikata laifi shi ne kai tsaye abin da ake jayayya a kansa, to sai an tabbatar da shi da ma'aunin laifi, ko da a shari'ar diyya ce. Wanda ya rubuta a takardar ƙararsa cewa wane ya yi masa sata, ko ya yi jabun sa hannunsa, ya ɗora wa kansa babban ma'auni ke nan.

Shi ya sa yadda lauya ya tsara ƙara yake da tasiri. A maganar tifar nan, ba za a gina ƙarar a kan cewa direba ya aikata laifin tuƙin ganganci ba. Za a gina ta a kan sakaci: direba yana da nauyin kula da sauran masu bin hanya, ya saɓa wannan nauyin, saɓawar ce ta jawo karayar, ga kuma asarar. Sannan a jera sakacin filla-filla, ya bar hannunsa, ya yi gudun da ya wuce kima a wurin, bai taka birki a kan lokaci ba. Cewa kawai "ya yi sakaci" ba tare da faɗin ta yaya ba, kotu ba ta karɓa. In an tsara haka, rinjaye ya isa.

Barista Hauwa:
Na yarda da abokin aikina a kan hatsarin mota. Inda nake da ja shi ne maganar dukan mutum. Mutum ya ɗauki gora ya karya wa wani hannu, wanda aka karya ya kai ƙarar diyya. A nan ba yadda za ka tsara ƙarar da za ka kauce wa cewa an doke shi da gangan, kuma wannan laifi ne a Final Kod, karaya ma tana cikin abin da sashe na 241 ya lissafa a matsayin mummunan rauni. A ganina sashe na 135 ya hau kansa, kuma lauya mai hankali zai shirya shaidunsa kamar mai gabatar da ƙarar laifi.

Barista Usman:
A shirya haka ɗin, ban musa ba. Amma ni ina ganin bai kamata a fassara sashen da faɗi haka ba. Taɓa jikin mutum ba da izininsa ba ta'adi ne mai zaman kansa, yana da nasa sharuɗɗan da ba sai an ambaci laifi ba. In aka ce duk ta'adin da ya yi kama da laifi sai an kai shi ma'aunin laifi, to wanda aka doka a lungu ba shaida ya fi wanda mota ta buge wahalar samun haƙƙinsa, alhali shi da gangan aka cuce shi. Wannan bai kwanta mini ba.

Barista Hauwa:
Ni ma bai kwanta mini ba, amma lafazin sashen ke nan, kuma alƙali lafazi zai karanta.

Hajiya Rabi Atamfa:
Ku gafarce ni in tambaya a nan tunda lauyoyi sun taru. Wanda ya karɓi kaya bashi ya ƙi biya wata takwas, shi ma ai laifi ne da ta'adi a haɗe ko? Sai a kai shi wurin 'yan sanda su tsare shi har ya biya, sannan a kai shi kotu?

Alhaji Bello, tsohon rajistara:
A'a Hajiya, wannan daban ne, kuma a yi hattara da shi. Bashin da aka kasa biya saɓa alkawarin ciniki ne, ba laifi ba ne. Dokar 2015 da na ambata, sashe na 8, ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta hana. Yana zama laifi ne idan tun farko da yaudara ya karɓi kayan, kamar ya zo da sunan ƙarya ko takardar bogi, ko kuwa amana aka ba shi ya ci. Wanda ya sa aka tsare mai bashi a caji ofis, reshe na iya juyewa da mujiya, mai bashin ya kai ƙararsa a kan tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, kuma a ba shi diyya. Hanyarki ita ce ƙarar neman kuɗinki kai tsaye. Ba kowace cutarwa ce ke da fuska biyu ba. Akwai mai fuskar laifi kaɗai, kamar tuƙi ba lasin da ba a buge kowa ba, akwai mai fuskar haƙƙi kaɗai, kamar maganar bashinki.

Hajiya Rabi Atamfa:
To na ji, Alhaji. Allah ya saka.

Garba Mai Taya:
Mu koma kan mai keken. A ƙiyasi, me zai nema, kuma ta yaya ake lissafin?

Barista Usman:
Bari mu sa adadi na misali don a ga yadda ake yi, ba don su ne nasa ba. Diyya kashi biyu ce. Akwai wadda ake ƙirgawa da rasit, akwai wadda alƙali ke aunawa.

Ta farko: a ce aiki da ƙarfe da magani da hoton ƙashi sun ci naira 850,000. Gyaran keke 620,000. Yana samun 6,000 a rana bayan ya cire mai da balas, yana fita kwana 26 a wata, ya yi wata 5 a kwance, kwana 130 ke nan, 780,000. Jimla 2,250,000. Wannan kashin dole a rubuta shi ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, kuma a tabbatar da kowane layi. Nan ne ake zubar da kuɗi. Magungunan da aka saya a kemis ba rasit, kuɗin da aka ba mai ɗori kafin a je asibiti, kuɗin motar kai shi wankin ciwo, duk in ba takarda ko shaida mai ƙarfi, lauyan kamfani zai ce a cire, kuma sau da yawa a cire. Abin da yake samu a rana ya fi komai wuyar tabbatarwa, domin mai keke ba shi da takardar albashi. Abin da ke taimako shi ne littafin balas na mai keken in na haya ne, shugaban tasha ko sakataren ƙungiya ya zo ya yi shaida, da bayanan asusunsa in yana karɓar kuɗi ta waya. In kuma keken ba nasa ba ne, a zauna da mai shi tun farko a san wa zai nemi kuɗin gyara, kada a nema sau biyu.

Ta biyu ita ce ta zafin ciwo, da wahala, da nakasar da ta rage. Wannan ba rasit, rahoton likita ne ke magana. A nemi likitan ƙashin da ya yi aikin ya rubuta irin karayar, ko ƙafar ta gajarce da santimita nawa, ko gwiwa na lanƙwasuwa, ko za a sake aiki don cire ƙarfen da abin da zai ci. Rahoton da ya ce "ya samu karaya, yana samun sauƙi" ba ya kawo komai. A ce alƙali ya ba da 3,000,000 a nan. An tashi 5,250,000.

Sai ragi. Kamfani zai nemi laifin mai keken. In suka nuna fitilarsa ba ta aiki kuma da magariba ne, alƙali na iya cewa kashi 20 cikin 100 na sakacin nasa ne. Sai a cire 1,050,000, saura 4,200,000. Ku lura, a kotun laifi wannan hujjar ba ta wanke direba, domin sakacin wani ba ya goge naka. A diyya kuwa tana rage kuɗi kai tsaye. Da kuma majistare ya sa an biya shi, a ce, 300,000 tun farko, ita ma za a lissafa da ita, saura 3,900,000. Doka ba ta yarda a biya mutum sau biyu a kan asara ɗaya ba.

Alhaji Bello, tsohon rajistara:
Kuma hukunci ba kuɗi ba ne tukuna. A laifi, an yanke, gandiroba ya tafi da mutum ko ya biya tara a take. A diyya, in kamfani ya ƙi biya, kai ne za ka koma kotu ka nemi a riƙe kuɗinsu a banki, ko ma'aikatan kotu su kama kadara a yi gwanjo. Ba a ɗaure mutum don kawai an ci shi diyya. A sanar da kamfanin inshorar motar da wuri kuma a rubuce, domin inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota don irin wannan aka yi ta. A duba ma ko takardar ta gaske ce, ta bogi ta yi yawa a hanya.

Issoufou daga Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Mu a nan Nijar tsarin Faransa muka gada, kuma abin ya ɗan bambanta. Wanda aka ji wa ciwo yana iya shiga cikin shari'ar laifin kanta a matsayin mai neman diyya, da lauyansa, ba shaida kawai ba. Alƙalin da ya yanke wa direba hukunci shi zai yanke abin da za a biya, a zama guda. In kuma mutum ya zaɓi ya kai ƙarar diyya daban alhali ta laifi na tafiya, sai ta diyyar ta dakata har a gama ta laifi. Shin a Najeriya ma dole ne a jira?

Barista Hauwa:
Sannu Malam Issoufou. A da akwai wata tsohuwar ƙa'idar Ingila, daga wata shari'a ta 1914, mai cewa in ta'adin babban laifi ne sai an fara gurfanar da mai shi kafin a saurari ƙarar diyya. Yanzu ba a binta. Sashe na 320 na dokar 2015 ya faɗa ƙarara cewa kasancewar shari'ar laifi na gudana ba ya hana ƙarar diyya a kan abu ɗaya. Jira ma hatsari ne a wurinmu. Manyan laifuka galibi ba su da wa'adi, ana iya gurfanar da mutum bayan shekaru. Ƙarar diyya kuwa tana da wa'adi, kowace jiha da dokarta, kuma agogon yana fara tafiya ne daga ranar hatsarin, ba daga ranar da majistare ya gama ba. Mutum ya zauna yana bin shari'ar laifi ana ɗagawa shekara da shekaru, ranar da ya waiwayo sai a ce masa lokaci ya wuce, komai kyan hujjarsa.

Mafi tsanani shi ne in motar ta hukuma ce. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara a kan abin da jami'i ya yi a bakin aiki, wasu hukumomin kuma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Mai karayar cinya wata ukun nan a gado zai yi su. Dangi ne za su tashi.

Malam Nasiru Ɗandume:
Saura maganar sulhu, domin na san a tasha can za a ƙare. Kamfani zai turo dattawa.

Barista Usman:
Sulhu alheri ne, Malam, amma a san me ake yafewa. Ƙarar diyya tasa ce, yana iya janyewa ko ya daidaita duk ranar da ya so, ba mai tambayarsa. Shari'ar laifi ba tasa ba ce. Akwai ƙananan laifuka da doka ta yarda a sasanta, wasu sai da izinin kotu, amma manya irin kisa ba ya cikin ikon wanda aka cuta ya kashe maganar a kotunan Final Kod. Babban Lauyan Jiha ne ke da ikon dakatar da tuhuma, a sashe na 211 na tsarin mulki.

Abin da nake jin tsoro a sulhun tasha shi ne takarda. Wakilin kamfani ya zo asibiti a sati na biyu da 400,000, ya ba da takarda a sa hannu cewa an karɓa a matsayin biyan ƙarshe, ba sauran neman komai. A lokacin ba wanda ya san za a sake aiki, ba wanda ya san ƙafar za ta gajarce. In an sa hannu a kan wannan lafazin, warware shi a kotu abu ne mai wuya ƙwarai. In ana buƙatar kuɗin magani da gaggawa a karɓa, amma a rubuta cewa wani ɓangare ne na kuɗin asibiti, sauran magana sai likita ya ba da rahoton ƙarshe.

Garba Mai Taya:
Wallahi an riga an kawo musu wata takarda makon jiya, yayansa ya ce sai ya yi shawara, ba su sa hannu ba. Zan gaya musu su riƙe ta. Hatsarin wata huɗu ke nan da faruwa, motar kuma ta kamfani ce mai zaman kansa. Rasiɗan asibiti suna nan a leda, na kemis ne ban tabbata ba.

Barista Hauwa:
To su koma kemis ɗin tun yanzu da katin da likita ya rubuta maganin, in mai shagon yana da littafin ciniki ya fitar musu da rasit na ranakun da aka saya. Su karɓo kwafin shari'ar majistare mai hatimi, da zanen wurin hatsari da 'yan sandan hanya suka yi, da rahoton jami'in duba motoci in an yi. Keken kuma kada a taɓa shi sai an ɗauki hotonsa ta kowane gefe kuma bakanike ya rubuta ƙiyasin gyara. Takardar kamfanin su kai wa lauya ya karanta kafin kowa ya dangwala mata yatsa.